Launin da Ke Naso: Yadda Ake Karanta Rahoton Rubutun da Mutum da Na'ura Suka Haɗa Hannu

Tun daga watan Afrilu na 2023, lokacin da kamfanin Turnitin ya ƙara wa manhajarsa sashen gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, malaman jami'a suka fara karɓar wani sabon irin rahoto. A sama akwai lamba, a ce kashi 25 cikin 100. A ƙasa kuma ga rubutun ɗalibi, an bi wasu jimloli an shafa musu launi, an tsallake wasu. Jami'o'i da dama a Najeriya sun daɗe suna amfani da wannan manhaja wajen tace kundin digiri don gano satar fasaha, saboda haka wannan rahoto ba baƙon ɗalibanmu ba ne.

Idan rahoto ya fito fari fat, ko ya rine daga sama har ƙasa, kowa yana da abin faɗa. Rigimar tana tsakiya ne, inda ɗalibi ya rubuta mafi yawan aikinsa da kansa, sannan ya ɗauko sakin layi ɗaya ko biyu daga ChatGPT ya cusa. Irin wannan gaurayen shi ya fi yawa a yau, kuma a nan ne aka fi yi wa rahoton gurguwar fahimta. Mai kallo yana ɗauka cewa inda launi ya fara nan na'ura ta fara magana, inda ya tsaya kuma nan mutum ya karɓa. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake samar da launin.

Manhajar ba ta ga lokacin da aka yi rubutun ba, ba ta kuma da wani kundi da take dubawa ta ce ga asalin inda aka kwafo. Kintace take yi. An horar da ita da ɗimbin rubutun mutane da na na'ura, sai ta koyi cewa na'ura ta fi son zaɓar kalmar da aka fi tsammani a kowane gurbi, jimlolinta kuma sukan zo kusan tsawo ɗaya, sumul ba gargada. Mutum kuwa yakan yi doguwa, ya yi gajeriya, ya jefo kalmar da ba a zata ba. Matsalar ita ce jimla guda ta yi kaɗan a gane wannan hali a cikinta. Kalmomi goma sha biyar ba su isa shaida ba. Ko kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya yi gargaɗin cewa ba abar dogaro ba ce a kan gajeren rubutu, kuma a Yulin wannan shekara ya janye ta baki ɗaya saboda ƙarancin dacewa.

To ta yaya ake samun hukunci a kan jimla ɗaya? Bisa bayanin Turnitin, ana yanka rubutun gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa jimloli biyar zuwa goma, kuma gunduwoyin suna hawa kan juna, ta yadda jimla ɗaya za ta faɗo cikin gunduwa fiye da ɗaya. Ana ba da maki tsakanin 0 da 1, inda 0 ke nufin mutum, 1 kuma na'ura, sannan a ɗauki matsakaicin makin da jimlar ta samu a duk wuraren da ta bayyana. Ma'ana, ana yi wa kowace jimla hukunci tare da maƙwabtanta.

Bari mu bi misali a sauƙaƙe, da lambobin da na tsara don bayani kawai. Wata ɗaliba ta rubuta jinga da Turanci a kan noman rani, jimloli 40. Guda 32 nata ne. Daga jimla ta 15 zuwa ta 22, wato guda 8, ta ɗauko daga na'ura. A ce kowace gunduwa jimloli biyar ce, ana matsawa da jimla ɗaya-ɗaya, kuma gunduwar da na'ura ta fi rinjaye a cikinta tana samun 1, sauran 0.

Dubi jimla ta 14, wadda ita ta rubuta da hannunta, amma tana manne da abin da aka cusa. Za ta fito a gunduwa biyar: 10 zuwa 14, 11 zuwa 15, 12 zuwa 16, 13 zuwa 17, da 14 zuwa 18. A ukun farko jimlolin ɗalibar ne suka fi yawa, a biyun ƙarshe kuma na na'ura. Makinta zai zama 0, 0, 0, 1, 1, matsakaici 0.4. Idan sai an haura 0.5 ake shafa launi, ta tsira, amma da ƙyar. Yanzu a ce jimlolinta na 12 da 13 masu sauƙi ne, irin na littafin makaranta, har manhajar ta ruɗe ta ba gunduwa ta uku 1. Nan take matsakaicin ya koma 0.6, jimla ta 14 ta sha launi, alhali ba a canja ko harafi ɗaya a cikinta ba. Kamar tawada ce a kan takarda mai laima: inda aka ɗiga daban, inda ta yi naso daban.

Wannan ba zato ba ne. A 2023 Turnitin da kansa ya bayyana cewa kuskurensa a matakin jimla ya kai kusan kashi 4 cikin 100, wato a cikin jimloli 25 da aka shafa wa launi, ana iya samun ɗaya ta mutum. Ya kuma ce fiye da rabin waɗannan jimlolin da aka zarga bisa kuskure, kashi 54 cikin 100, suna manne ne da ainihin rubutun na'ura. Abin yana faruwa ta ɗaya gefen ma. Jimlar na'ura da ke bakin iyaka tana iya fakewa da maƙwabtanta na mutum ta fita fara. Don haka rashin launi ba wanke kai ba ne, kamar yadda launi ba kama hannu dumu-dumu ba ne.

Daga nan ake samun ƙa'idar karatu ta farko: a dubi siffar launin kafin a dubi yawansa. Dunƙulallen wuri, jimloli bakwai ko takwas a jere duk sun rine, shi ne alamar da ta fi nauyi, musamman tsakiyarsa. Jimla ɗaya ko biyu na gefensa kuwa, gaba da baya, a ajiye su a matsayin abin shakka. Launin da ya warwatsu, ɗaya a shafi na biyu, ɗaya a na biyar, shi ne mafi rauni, kuma a ganina bai isa a kira ɗalibi ofis a kansa ba. A lura kuma da inda ya faɗo. Kamfanin ya amince cewa an fi samun kuskure a jimlolin farko da na ƙarshen rubutu, har ya yi gyara a kai. Ba abin mamaki ba ne, domin a nan ne kowa ke rubuta abin da kowa ke rubutawa: wannan aiki zai duba kaza, a taƙaice mun ga kaza. Haka ma ma'anar kalma da aka haddace daga aji, ko bayanin hanyar bincike da dubban ɗalibai ke maimaitawa da kalmomi kusan iri ɗaya.

Sai lambar da ke sama. A misalinmu, a ce launi ya kama jimla ta 14 zuwa ta 22, ya kuma kama jimlar buɗewa. Goma ke nan cikin 40, rahoto zai nuna wajen kashi 25, alhali gaskiyar magana kashi 20 ce. Mutane da yawa suna karanta wannan lamba a matsayin ƙarfin zargi, wai akwai yiwuwar kashi 25 cewa ta yi maguɗi. A rahoton Turnitin ba haka take nufi ba. Tana nufin kason rubutun da manhajar ke zaton na na'ura ne, kuma daga cikin zube kawai ake lissafi, ban da jadawali da jerin abubuwa da makamantansu. Shi ya sa wani lokaci za ka ga lamba babba amma launi kaɗan a ido, domin shafukan da suka cika da jadawali ba su shiga lissafin ba. Wasu manhajojin, irin su GPTZero da Edward Tian ya fitar a Janairun 2023 yana ɗalibi a Jami'ar Princeton, suna ba da kason da ke nuna yadda suka gamsu cewa rubutun na mutum ne, na na'ura ne, ko gauraye. Lambobi biyu masu kama da juna, ma'ana daban. Kafin a kwatanta su sai a karanta abin da aka rubuta a gefen kowace.

Akwai kuma alamar `*%`. Turnitin ya gano cewa kuskure ya fi yawa idan sakamakon bai kai kashi 20 ba, saboda haka a irin wannan yanayi yanzu alamar tauraro yake nunawa a maimakon lamba. Wanda ya ga wannan kada ya ce an ɓoye masa laifi. Manhajar ce ke cewa abin da ta gani bai kai ta tsaya a kansa ba. Rubutun da bai kai kalmomi 300 na zube ba ma ba ta auna shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin ganowa guda bakwai da rubutu 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka yi. A matsakaici, sama da kashi 60 cikin 100 an ce na na'ura ne, alhali rubutun yaran Amurka ya wuce kusan lami lafiya. Turnitin ba ya cikin bakwai ɗin, kuma ya ce nasa gwajin bai nuna irin wannan bambanci ba. Duk da haka dalilin a fili yake: wanda ya koyi Turanci a aji yakan riƙe kalmomin da ya tabbatar da su, ya guji kasada, sai rubutunsa ya yi santsin da ake zargin na'ura da shi. Ɗalibin Katsina ko na Gombe da ke rubuta Turanci a tsanake yana iya ganin nason launin ya fi faɗi a aikinsa. Rubutun Hausa kuwa ba ya cikin harsunan da aka gina sashen ganowa na Turnitin dominsu, don haka duk launin da wata manhaja ta shafa wa Hausa a ɗauke shi da taka-tsantsan ninki biyu.

Me ya kamata ɗalibar misalinmu ta yi? Kada ta bi launi tana sauya kalmomi har ya ɓace. Wannan yana lalata jimlolinta masu kyau, kuma bai taɓa ainihin matsalar ba. Ta fi manhajar sanin iyakar abin da ta cusa. Idan dokar sashenta ta hana, ta cire jimloli takwas ɗin ta rubuta nata daga littattafan da ta karanta. Idan an yarda da sharaɗin bayyanawa, ta bayyana daga ina zuwa ina. Sau da yawa da zarar an cire dunƙulen, maƙwabtansa ma sukan washe, domin gunduwoyin sun canja. Jimla ta 14 da ta buɗewa kuwa, shaidarsu tana cikin daftarinta na farko, da takardun da ta yi rubutu a kai, da tarihin gyare-gyare da Google Docs ke ajiyewa da rana da lokaci.

Malami kuma ya buɗe rahoton tare da ita, ya tsallake gefuna, ya sa yatsa a tsakiyar dunƙulen, wajen jimla ta 18, ya ce ta yi masa bayanin abin da ke nan da bakinta, ta kuma nuna masa littafi ko maƙalar da ta samo shi. Sannan ya yi mata irin wannan tambaya a wani sakin layi da bai sha launi ba, ya kwatanta amsoshin biyu kafin ya yanke hukunci.