Idan alƙaluma sun yi giɓi, yaya za a yi da layin zane?

A watan Maris na 1958 Charles David Keeling ya fara auna iskar kabon dayoksaid a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawaii. Zanen layin da aka yi da waɗannan alƙaluma ya shahara a duniya, domin shi ne ya nuna yadda iskar ke ƙaruwa shekara bayan shekara. Amma ko shi ma yana da giɓi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu na 1964 ba a yi awo ba saboda matsalar kuɗin gudanar da aikin. Awon Janairu ya kai kimanin kashi 319.6 cikin miliyan, na Mayu kuma kimanin 322.3. To, me mai zane zai yi da watanni ukun da ke tsakani?

Abin da bai kamata ya yi ba ko kaɗan shi ne sanya sifili. Sifili na nufin an auna ba a samu komai ba, giɓi kuwa na nufin ba a auna ba. Da an sa sifili a watannin nan, layin zai rufto daga 320 zuwa ƙasa sannan ya sake miƙewa, matsakaicin shekarar kuma ya koma wajen 240. Duk inda ka ga layi ya faɗo ƙasa tim ya kuma koma daidai inda ya baro, ka fara zargin wannan kuskure.

Hanya ta farko ita ce katse layin. A tsaya a Janairu, a ci gaba daga Mayu, a bar tsakaninsu fili. Sai dai dole watanni ukun su riƙe gurbinsu a ƙasan zanen. Idan aka goge su aka manna Mayu a jikin Janairu, hawan da ya ɗauki wata huɗu zai zama kamar na wata guda.

Hanya ta biyu ita ce cike giɓin da ƙiyasi. Tazarar 319.6 da 322.3 ita ce 2.7. A raba ta gida huɗu, kowane wata ya samu kusan 0.7, sai Fabrairu ya zama 320.3, Maris 321, Afrilu kuma wajen 321.6. Wannan ƙiyasi bai yi nisa da gaskiya ba, domin an san halin iskar a Mauna Loa: tana hawa a hankali har Mayu, sannan ta sauka zuwa Satumba ko Oktoba lokacin da tsirrai suka zuƙe ta. Giɓin 1964 ya faɗo ne a kan hawa zalla. Da a ce daga Afrilu zuwa Yuni aka rasa, miƙaƙƙen layi zai yanke ƙololuwar Mayu gaba ɗaya, mai karatu kuma ba zai san an yanke ba.

Akwai alƙaluman da ba sa karɓar ƙiyasi sam. A ce ma'aunin ruwan sama ya nuna milimita 40 ran Litinin, da 20 ran Laraba, ba a duba shi ran Talata ba. Lissafi zai ba Talata 30, alhali wataƙila ko ɗigo bai sauka ba. A nan katse layi ne kawai gaskiya.

Hanya ta uku ita ce yin alama, kuma tana tafiya tare da sauran biyun. A ƙarshen Nuwamba na 2022 dutsen Mauna Loa ya yi aman wuta, wutar lantarkin tashar ta yanke. Hukumar NOAA ta koma yin awo a dutsen Maunakea da ke maƙwabtaka, ta kuma zana waɗannan alƙaluma da launi daban, don kowa ya ga inda ma'auni ya sauya. Haka ma ƙiyasi: a zana shi da layi mai ɗigo-ɗigo, a sa ɗigo mai kauri a kan kowane awo na gaske, a rubuta dalilin giɓin a ƙasan zanen.

Mai aiki da Excel zai samu zaɓin a ƙarƙashin Select Data, sannan Hidden and Empty Cells. Gaps yana katse layi, Zero yana mayar da giɓi sifili, Connect data points with line kuma yana haɗa ɓangarorin biyu ba tare da wata alama ba, don haka alamar kai za ka sa da hannunka.

Kafin ka zaɓa, duba tsawon giɓin da halin abin da ake aunawa. Idan giɓin gajere ne kuma abin yana sauyawa a hankali, ka yi ƙiyasi ka nuna cewa ƙiyasi ne. Idan dogo ne, ko abin mai tsalle-tsalle ne, ka katse layin. Haƙƙin mai karatu ne ya iya bambance abin da aka auna da abin da aka kintata.