Daga Tarin Shafuka Zuwa Shafi Ɗaya: Yadda Ake Tace Nazarin Kasuwanci

Ana ba ɗaliban koyon kasuwanci, da ma'aikatan banki da na kamfanoni, wani aiki da kan ba su wahala. A miƙa wa mutum labarin wani kamfani mai shafi ashirin ko talatin, cike da tarihi da hirarraki da jadawalin lissafi, a ce ya mayar da shi shafi ɗaya ko biyu. Wanda zai karanta shafin, shugaban kamfani ne ko mai zuba jari, ba shi da lokacin sauraron tarihi. Abu huɗu yake nema: mece ce matsalar, waɗanne hanyoyi ake da su, wacce za a bi, kuma wane lissafi ne ya nuna haka. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya shahara da wannan al'ada ta takardar da ba ta wuce shafi guda.

Mu gwada da abin da ke gabanmu. A shekarar 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, kan hanyar Kano zuwa Zariya, mai iya markaɗa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. Ba a daɗe da buɗewa ba aka rufe ta. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabo. Sai a 2019 aka sake buɗe masana'antar, kuma ko bayan nan ta yi ta fama da ƙarancin tumatir. Duk wanda ya tattara labarin zai tara shafuka da yawa: ban ruwan Kadawa daga madatsar Tiga, tumatirin gwangwani daga China, harajin kwastan, asarar da ake yi a hanyar Legas.

A wurin fayyace matsala ne aka fi yin tuntuɓe. Sabon hannu zai rubuta cewa matsalar ita ce tsutsar sharon, domin ita ta fi yin ƙara a labarin. Amma tsutsa ta lafa, ƙarancin bai tafi ba. Wannan shi ne gwajin da ake yi wa duk abin da aka kira matsala: idan an kawar da shi, kamfanin zai miƙe? In amsar a'a ce, to alama aka kama, ba a kai ga cutar ba. Wani kuma zai rubuta cewa matsalar ita ce rashin gonar kamfani. Shi ma ya kauce, domin ya cusa maganin da yake so a cikin bayanin matsalar, ya rufe ƙofar sauran hanyoyi tun ba a duba su ba. Jimlar da ta dace ta fi kama da haka: masana'antar na buƙatar tan 1,200 kowace rana, amma ba ta samun tumatir mai yawan haka a farashin da zai bar ta ta yi gogayya da na shigowa. Jimla ɗaya ce, akwai adadi a cikinta, kuma ba ta riga ta yanke hukunci ba.

Daga nan sai a zaɓi alƙaluma, kuma biyu ko uku sun isa in dai su ne ke riƙe da hukuncin. Ga lissafi na farko. A ɗauka masana'antar za ta yi aiki kwana 100 a kakar tumatir. Ke nan tana buƙatar tan 120,000. In manomi na girbe tan 6 a hekta, sai an haɗa hekta 20,000, kuma kowa ya kawo duk abin da ya girbe. In ingantaccen iri da taki da ban ruwa sun kai girbin tan 30 a hekta, hekta 4,000 ta wadatar. Kwana 100 da tan 6 da tan 30 duk ƙiyasi ne da na ɗauka don yin lissafin, kuma haka ya wajaba a rubuta su a takardar, a ware su daga tan 1,200 da yake tabbataccen adadi. Mai karatu da ya gano an ba shi ƙiyasi a matsayin tabbas ba zai ƙara yarda da sauran shafin ba.

Lissafi na biyu ya fi na farko ciwo. Ana markaɗa kimanin kilo shida zuwa bakwai na ɗanyen tumatir kafin a samu kilo ɗaya na mai kaurin da ake zubawa a gwangwani. Saboda haka duk naira ɗaya da aka ƙara wa manomi a kan kilo, ta zama naira shida ko bakwai a kan kilon kayan da kamfanin zai sayar. Shi kuwa manomi, ranar da dillalan kasuwar Mile 12 ta Legas suka taya fiye da kamfani, can zai kai kwandunansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Waɗannan lissafai biyu su ne ma'aunin da za a ɗora zaɓuɓɓuka a kai. Kamfanin na iya dogara da saye a kasuwa; ba ya buƙatar sabon jari, amma injin zai yi ta zama babu aiki. Ana sa wannan zaɓi ko da ba a so shi, don a ga abin da zaman jira ke ci. Yana iya noma gonarsa, ya samu tabbacin kaya, sai dai hekta 4,000 na ban ruwa jari ne babba, ga rigimar fili. Ko kuma ya ƙulla yarjejeniya da manoma, ya ba su dashe da taki bashi, su biya da tumatir. Ya fi sauƙin kuɗi, amma haɗarinsa shi ne sayarwa ta bayan fage. Akwai wani abu da bai kamata ya shiga jerin ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Muhimmin abu ne, amma ba ya hannun shugaban kamfanin, don haka wurinsa layi ɗaya ne a ƙarƙashin haɗura.

Sai shawara, kuma a nan tsoro ke kama marubuci, ya fake da "ya kamata a duba yiwuwar" kaza. Wannan kauce wa hukunci ne kawai. In ni ne, zan rubuta: a noma gonar kamfani da za ta ba da kashi ɗaya cikin uku na buƙata, wato tan 40,000, kimanin hekta 1,300 in an samu tan 30; sauran a samo daga manoman yarjejeniya, da farashin da ke bin na kasuwa, da biya a ranar da aka auna kaya. A faɗi wanda zai jagoranci aikin da kakar da za a fara. A kuma faɗi alamar da za ta sa a sake tunani, misali in manoma sun kawo ƙasa da rabin abin da suka yi alkawari a kakar farko. Wani zai iya zaɓar wata hanyar daban, kuma ba laifi, muddin ya nuna dalilin da ya sa ya bar sauran biyun.

Wajen jerawa, mutane da yawa kan ajiye shawarar a ƙarshe domin a ƙarshe suka kai gare ta. Gara a ɗauko ta a sa a layukan farko, sannan matsala da zaɓuɓɓuka da ɗan jadawalin alƙaluma su biyo baya a matsayin hujja. Tarihin kamfanin da hirarrakin manoma su koma rataye ga mai son ƙarin bayani.

Kafin ka miƙa takardar, ba wani da bai karanta dogon nazarin ba ya duba ta na minti biyu, sannan ka karɓe ka tambaye shi me ake so a yi, kuma wane adadi ne ya sa. In ya yi inda-inda, ka koma ka gyara jimlar matsalar.