Kan Nok da Kan Ife: Yadda Ake Kwatanta Su a Rubuce

Idan malami ya ba ɗaliban ajin farko a jami'a aikin kwatanta ayyukan fasaha biyu, akasarinsu sukan siffanta na farko, su siffanta na biyu, su rufe da cewa "akwai kamanci, akwai kuma bambanci." Wannan magana ba ta da abokin musu, don haka ba ta isa zama jigo ba. Jigo matsaya ce da wani zai iya ja da ita, mai rubutu kuma ya kare ta da abin da ido ya gani.

Mu ɗauki kan mutum-mutumin Nok na gasasshen yumɓu da aka samu a Jama'a, cikin Jihar Kaduna ta yau, wanda ya haura shekara 2,000, da kuma kan tagulla mai kambi da aka tono a Ile-Ife a 1938, wanda yanzu yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Kafin a ɗora alƙalami, a ƙura musu ido. Idon Nok kusurwa uku gare shi, an huda ƙwayarsa, an huda hanci. Fuskar Ife kuwa ta bi tudu da kwarin fuskar ɗan Adam, da siraran zane daga goshi zuwa haɓa, amma babu tamoji ko alamar tsufa.

Daga wannan lura jigo zai fito: "Ko da yake kan Ife ya fi kama da mutum, duka biyun ba su kwafi fuska yadda take ba, magini na Nok ya taƙaita ta zuwa siffofi kaɗan, maƙerin Ife kuma ya share mata duk wani aibu." A ajiye jumlar a ƙarshen gabatarwa.

Sai kowane sakin layi ya ɗauki batu guda, ya gwama ayyukan biyu a cikinsa. Na farko ya duba idanu, na biyu fatar fuska, na uku kayan aiki. A na ukun a nuna cewa hujin Nok na taimaka wa tururi fita lokacin gashi don kada yumɓu ya fashe, shi kuwa na Ife da kakin zuma aka fara siffanta shi kafin a zuba narkakken ƙarfe, abin da ya ba da damar fitar da zane siriri.

A guji cewa Ife "ta fi ci gaba," ko cewa daga Nok ta koya. Tsakaninsu akwai tazarar sama da shekara 1,000, kuma kamanci kaɗai ba ya tabbatar da gado. In an gama, a karanta jumlar farko ta kowane sakin layi a jere. Wadda ba ta tallafi jigon ba, a gyara sakin layinta ko a cire shi.