Keken ɗinki ɗaya, oda ta yi yawa

Ana gab da Sallah, tela yana da keke ɗaya da awa 40 kacal. A ce kaftani yana bar masa naira 6,000 bayan an cire kuɗin yadi da zare, amma yana cin awa 3. Wando kuwa yana barin naira 2,500 cikin awa ɗaya.

Ido yakan tafi kan kaftani, kuma nan kuskuren yake, domin lokaci ne ya yi ƙaranci. Raba ribar da awanni: kaftani 2,000 a awa, wando 2,500. Wando ne a gaba.

Idan masu son wando 16 ne kawai, ya ɗinka su duka. Sauran awa 24 su ba shi kaftani 8. Jimilla naira 88,000.