Yarjejeniyar Hayar Ofis: Yadda Ake Tattara Takardu Masu Yawa a Jadawali Ɗaya

Kamfanin da ke da reshe a Kano da Kaduna da Abuja yana riƙe da yarjejeniyar haya uku, kowace lauya daban ne ya rubuta ta. Ranar da shugaban kamfani ya tambayi wane ofis ya fi tsada, ko wanne za a iya saki baɗi, ba wanda zai zauna karanta masa shafi sittin. Jami'in kula da gine-gine ne zai kawo jadawali guda, kowane ofis da layinsa. Ingancin jadawalin nan ya dogara ga abu ɗaya: a mayar da kowane sharaɗi ya zama adadin kuɗi ko kwanan wata, ba a kwafo kalaman lauya a zuba ba.

Kafin a buɗe kwamfuta, a nemo kwafin da aka sa wa hannu, da duk wata takardar gyara ko ta sabuntawa da ta biyo baya. Sau da yawa abin da ke cikin fayil wasiƙar tayin ejan ce, alhali kuɗin da aka tsaya a kai ya canja kafin sa hannu. Kuma kowane adadi da aka shigar, a rubuta lambar sakin layi da shafin da aka samo shi a gefensa, don mai shakka ya koma ya duba da idonsa.

Kuɗin haya shi ne ya fi kama da abu mai sauƙi. Wata yarjejeniyar ta faɗi kuɗin shekara dunƙule, wata ta faɗi kuɗin kowace murabba'in mita. Sai an mayar da su ma'auni ɗaya kafin a jera su: ofis mai murabba'in mita 180 a kan naira 75,000 kowace mita, hayarsa naira miliyan 13.5 ce a shekara. Kuɗin hidima, wato na man janareta da gadi da kwashe shara, a ba shi gurbinsa daban, domin wani mai ginin ya haɗa shi cikin haya, wani kuwa takardarsa daban take zuwa. Haka harajin kashi 10 cikin ɗari da kamfani ke cirewa daga haya a Najeriya ya miƙa wa hukumar haraji. Idan yarjejeniya ta ce mai gida zai karɓi kuɗinsa cif bayan haraji, to haya ta miliyan 9 ta koma miliyan 10 a aljihun kamfani.

Wa'adi yana buƙatar ranar farawa da ranar ƙarewa, ba "shekara biyar" kawai ba. Hayar shekara biyar da ta fara ranar 1 ga Afrilu 2025 tana ƙarewa ranar 31 ga Maris 2030. A lura, ranar sa hannu daban, ranar karɓar makulli daban, ranar da haya ta fara ƙirguwa ma tana iya zama daban idan an ba da watannin gyara kyauta.

Kuɗin ajiya kuwa, wanda ake riƙewa saboda ɓarna, a rubuta nawa ne da sharaɗin dawo da shi. Kada a gauraya shi da hayar da aka biya gaba, ko da kuɗin ejan da na lauya waɗanda ba sa dawowa.

Inda aikin ya fi nuna amfaninsa shi ne ƙarin haya. Mu ɗauki misali. Ofishin Kano miliyan 12 ne a shekara, da ƙarin kashi 10 kowace shekara a kan hayar shekarar da ta gabata. Na Kaduna miliyan 13 ne, da ƙarin kashi 15 duk bayan shekara biyu. Kallon farko, Kano ta fi araha da miliyan ɗaya. Amma hayar Kano za ta hau zuwa 13.2, sannan 14.52, har ta kai kusan 17.57 a shekara ta biyar, jimilla wajen miliyan 73.3. Ta Kaduna za ta tsaya a 13 shekara biyu, ta koma 14.95 shekara biyu, ta ƙare a kusan 17.19, jimilla wajen miliyan 73.1. Ashe arahar ba ta kai ƙarshen wa'adi ba. Da kuma yarjejeniyar Kano ta ce ƙarin a kan hayar farko ake lissafa shi, jimillar za ta sauko zuwa miliyan 72. Kalmomi biyu ko uku ne suka raba lissafin nan biyu, shi ya sa ba a karanta wannan sakin layi da gaggawa. A manhajar Excel, idan hayar farko tana B2, kason ƙari yana C2, lambar shekara tana D2, ƙari a kan ƙari haka ake fitar da shi:

```
=B2*(1+C2)^(D2-1)
```

Wasu yarjejeniyoyin ba su faɗi kaso ba, sai su ce za a sake duba haya bisa farashin kasuwa. Nan a rubuta ranar dubawar da wanda zai raba gardama idan an saɓa. In dole sai an saka hasashe, a ba shi wani launi, don kada wata shida nan gaba wani ya ɗauke shi a matsayin abin da aka sa wa hannu.

Sai sharaɗin fita kafin wa'adi ya cika, wanda a ganina shi ne mafi tsada a duk jadawalin. Rubuta "akwai" a gurbinsa bai amfana wa kowa komai ba. Ana son a san wa ke da ikon fitar, ɗan haya ko mai gida ko dukansu, da ranar fitar, da tsawon notis, da yadda za a kai shi. A ce yarjejeniyar Kano ta ba da damar fita a ƙarshen shekara ta uku, 31 ga Maris 2028, da notis a rubuce na aƙalla wata shida. Ranar da ta shafi kamfani ba ita ce ta Maris ba, ita ce 30 ga Satumba 2027. Idan ranar fita tana F2, ga yadda ake samun ta:

```
=EDATE(F2,-6)
```

Mai hankali zai ƙara gurbin tunatarwa wata biyu ko uku kafin nan, domin shugabanni ba sa yanke shawara a yini ɗaya, kuma yawanci ranar da notis ya isa hannun mai gida ake dubawa. Idan ranar ta wuce, kamfani ya ɗaure kansa da hayar shekara biyu, sama da miliyan 33 a misalinmu. Wata yarjejeniyar ma takan ce notis ba ya aiki in akwai bashin haya ko na hidima, komai ƙanƙantarsa.

Akwai kuma tambayar da ake mantawa: in an fita, hayar da aka biya gaba za ta dawo? A shekarar 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Marks and Spencer da BNP Paribas cewa ɗan hayar da ya fita bisa sharaɗin fita ba shi da haƙƙin a mayar masa da ragowar hayar da ya biya gaba, tunda yarjejeniyar ba ta faɗi haka ba. Hukuncin bai zama tilas a kan kotunan Najeriya ba, amma a ƙasar da ake biyan hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, abin ya fi shafar mu. Don haka jadawali ya samu gurbi mai amsa uku: za a dawo da shi, ba za a dawo da shi ba, ko yarjejeniya ta yi shiru. Duk layin da ya faɗa a ta ukun, a miƙa shi ga lauyan kamfani tun kafin lokacin notis ya ƙarato.