Randa Biyu, Yashi da Ma'aunin Zafi: Baje Kolin Kimiyya Mai Rahusa

Duk wanda ya taɓa leƙa baje kolin kimiyya a ƙaramar sakandare ya san teburin da jama'a suke yi wa rubdugu. Gidan kwali ne mai bene, an shafa masa fenti, an ja masa waya, da an danna makunni sai fitilu su kama. Sau da yawa shi ke cinye gasar. Amma idan alƙali ya tambayi yaron da ke tsaye kusa da shi me zai faru in an cire ƙwan fitila ɗaya, sai ya yi tsuru-tsuru, domin yayansa ne ko mai gyaran rediyon unguwa ya haɗa masa.

A nan ba yaron ne mai laifi ba, takardar maki ce. Muddin kyan gani da tsadar kaya ne ke jawo maki, ɗan mai hali ne zai riƙa lashewa. Idan kuwa aka mayar da makin kan tambayar da yaro ya yi da yadda ya bi diddiginta, randar da ake sayarwa a kasuwar ƙauye ta ishi ɗalibi aikin da zai tsaya da ƙafarsa a gaban kowa.

Randar ma tana da tarihinta. Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. A gwajinsa, gauta da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Sirrin abin shi ne ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Haka gumi ke sanyaya mutum.

To, ɗalibar aji biyu da ta haɗa wannan tukunya ta kawo wurin baje koli ta kwaikwayi abin da aka riga aka sani ne kawai. Aikin kimiyya yana farawa ne lokacin da ta ce, shin yashin ne ke kawo sanyin ko ruwan? Wannan tambaya ce za ta tilasta mata shirya abu uku: tukwane masu jiƙaƙƙen yashi, wasu irinsu sak masu busasshen yashi, da faranti a buɗe. Tumatir kuma daga kwando ɗaya za a ɗebo shi, mai nuna iri ɗaya, goma-goma a kowane wuri, a ajiye duka a inuwa ɗaya inda iska ke kaɗawa. Abu ɗaya tak ake canzawa, sauran a bar su daidai. Ba don haka ba, idan aka ga bambanci ba wanda zai san daga ina ya fito.

Ratar da ke tsakanin tukwanen biyu ta kai kamar yatsa biyu zuwa uku. Ana zuba wa yashin ruwa safe da yamma da kwalba guda, don a san adadin da yake sha. Ana auna zafi sau uku a rana, da safe, da azahar, da la'asar, har mako biyu, a rubuta a littafin rubutu tare da yawan tumatirin da ya ruɓe ko ya yanƙwane. Wani abu da kan ba yara kunya shi ne ma'aunin zafi na kemis, wanda ake sa wa mai zazzaɓi. Daga digiri 35 zuwa 42 yake karantawa, don haka ba zai nuna sanyin randa ba. Na ɗakin gwaje-gwajen makaranta ake bukata, kuma guda ɗaya ya ishi aji guda idan ana karɓa-karɓa.

Gwajin yakan ƙi, kuma a nan ne ake gane ɗalibin da ke tunani. Idan babbar tukunyar an shafe ta da fenti ko siminti, ruwa ba zai tsattsafo ba, ana ganewa idan an taɓa jikinta aka ji shi a bushe. Idan aka kulle ta a ɗaki, iskar da ke kewaye da ita za ta cika da laima, sanyin ya ragu. Ruwa in ya yi yawa, ƙaramar tukunyar ta taso. Babbar matsalar kuwa lokaci ne. A watan Maris, iskar Kano ko Damagaram a bushe take ƙayau, tukunyar na iya sauka digiri da dama ƙasa da zafin waje. A watan Agusta iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, bambancin ya zama ɗan kaɗan, wani lokaci ma tumatirin ya yi funfuna. Ɗalibar da ta yi nata gwajin da damina, ta ga bai yi ba, ta kuma gano dalili, ta fi wadda nata ya yi kyau amma ba ta san me ya sa ba. Sai dai takardar makin da aka saba da ita kayar da ita za ta yi.

Gyaran ba sabon abu ba ne. A gasar ISEF ta Amurka, wadda ke cikin manyan gasannin kimiyya na 'yan sakandare a duniya, cikin maki 100 allon baje koli 10 kawai yake samu, hira da ɗalibi kuma 25. Tambayar bincike tana da 10, tsarin gwaji 15, gudanarwa da tattara sakamako 20, sabon tunani 20. Makarantar gwamnati mai kulob ɗin JETS za ta iya ɗaukar wannan rabo ta ƙara masa sharaɗi biyu: a ƙayyade kuɗin da kowane aiki zai ci, kuma kada a karɓi aikin da ba shi da littafin rubuta sakamako na yau da kullum. Littafi mai goge-goge da tabon ruwa ya fi wanda aka kwafe tsaf a daren jiya nuna gaskiya, alƙalin da ya san aikinsa kuma zai duba ko lambobin sun yi kyau fiye da kima.

Hirar ita ce wurin da ba a iya aro. Alƙali ya zauna, ya daidaita tsayinsa da na yaron, ya tambaye shi: “Me ya ba ka mamaki? Wace rana ce abin ya ƙi? Da za a ƙara maka mako biyu, me za ka gwada?” A kuma bar shi ya amsa da Hausa idan Turanci ya ɗaure masa harshe, domin fahimtarsa ake aunawa. Yaron da ya ce bai sani ba amma ga yadda zai bincika, a ba shi makinsa.

Wannan ma'auni yana aiki a kan sauran ayyuka masu araha. Ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka ɗiga masa lemun tsami, ya koma kore-kore idan ya haɗu da ruwan kanwa ko na toka, don haka da kofuna shida yaro zai jera kayan madafa daga mai tsami zuwa mai kanwa. Garin ƙwayar zogale, kamar ƙwaya ɗaya a lita ɗaya, yana kwantar da laka a ruwan kududdufi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ɗalibi zai iya gwada rabin ƙwaya, ɗaya, biyu da huɗu a kwalabe daban-daban, ya bar kwalba ɗaya ba komai don kwatance. Malami dai ya ja kunne tun farko cewa ruwan ya washe ne kawai, ƙwayoyin cuta ba su ƙare ba, kada kowa ya kai shi baki.