Kada Ku Jefa Maganar Wani Cikin Rubutu Ku Wuce

Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsirin watan azumi ya san yadda aikin yake tafiya. Mai jan baƙi ya karanto aya, sai malam ya karɓa, ya faɗi ma'anarta, ya faɗi dalilin saukarta, sannan ya haɗa ta da abin da ake magana a kai. Da a ce mai jan baƙi zai yi ta karatu malam ya yi shiru, da mafi yawan masu sauraro sun tashi ba su ƙaru da komai ba. To, haka da yawa daga cikinmu muke yi a insha'i da jingar Tarihi ko Adabi. Mu ɗauko maganar wani, mu sa ta tsakanin alamar zancen wani, mu dasa ta a tsakiyar sakin layi, mu wuce. Mai duba takarda kuwa, ko malamin aji ne ko na WAEC da NECO, fahimtar ɗalibi yake ba maki, kuma maganar da aka kwafo ba ta nuna fahimta sai an ga abin da ɗalibi ya yi da ita.

A wannan makon za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, don mu ga inda ake kuskure da yadda ake gyarawa.

Misali daga bakin dajin Rugu

Mu ƙaddara an ba wata ɗalibar aji biyar daga Yasore jinga a kan amfanin dajin Rugu ga mutanen ƙauyukan Batsari da Safana a shekarun baya. Littafin da ke hannunta bai ce komai ba game da ƙauyensu, don haka ta zauna da kakarta ta yi mata tambayoyi, ta rubuta amsoshin. Wannan dabara ce mai kyau, domin tarihin ƙauyukanmu da yawa a bakin dattawa yake. Ga abin da ta fara rubutawa:

Dajin Rugu yana yammacin Jihar Katsina. Yana da itatuwa da yawa. "Daji shi ne rumbunmu na biyu." Makiyaya ma suna kiwo a cikinsa.

Ku sake karanta jimla ta uku. Wa ya faɗe ta? Yaushe? Su wane ne "mu" ɗin da ke cikin "rumbunmu"? Manoma ne, ko makiyaya, ko mafarauta? Me rumbu yake yi a maganar daji? Ɗalibar ta san amsar duk waɗannan tambayoyi, amma ta bar su a cikinta. Mai karatu takarda kawai yake gani. Za ku iya gane an jefa magana ta hanyar gwaji mai sauƙi: ku rufe ta da yatsa ku karanta sauran. Idan sakin layin ya tafi daidai kamar ba a cire komai ba, to maganar ba ta yi aikin komai ba a wurin. A misalinmu, in an cire ta, ba wanda zai lura.

Mataki uku na gyara

Mataki na farko shi ne gabatarwa. Baƙo ba ya shiga gida sai da sallama, kuma maganar wani baƙuwa ce a rubutunku. Kafin ta shigo, ku faɗi ra'ayinku da bakinku, sannan ku faɗi wanda zai yi magana da abin da ya sa ya cancanci a saurare shi. A nan mai maganar dattijuwa ce da ta tashi a bakin dajin, ta ga abin da idonta. Wannan shi ne ƙarfin shaidarta, dole a faɗe shi.

Mataki na biyu shi ne kawo maganar, gwargwadon buƙata. Wataƙila kakar ta yi magana ta minti goma. Ba duka za a kwafo ba. A zaɓi guntun da in an sake shi da wasu kalmomi zai rasa armashi, sauran kuma a taƙaita. "Rumbunmu na biyu" irin wannan guntu ne, domin siffantawa ce da ke ɗauke da ma'ana mai yawa cikin kalmomi uku.

Mataki na uku shi ne sharhi, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Bayan an rufe alamar zance, a koma kan wata kalma da ke cikin maganar, a warware ta, a nuna yadda ta tabbatar da ra'ayin da aka fara da shi. Ga yadda sakin layin zai koma:

A shekarun baya, dajin Rugu ya kasance madogara ga talakawan ƙauyukan da ke kewaye da shi, musamman a tsakiyar damina lokacin da hatsin bara ya ƙare kuma sabo bai nuna ba. Wata dattijuwa da ta tashi a Yasore ta kira dajin da sunan "rumbunmu na biyu". Rumbu shi ne inda magidanci yake ajiye abincin shekara, saboda haka kiran daji da wannan suna yana nuna cewa mutane sun ɗauke shi ajiya ce da ake komawa gare ta idan ta gida ta ƙare. Kalmar "na biyu" kuma tana nuna cewa noma ne kan gaba, daji yana cike giɓi ne kawai.

Ku lura da tsawon kowane ɓangare. Maganar da aka ɗauko kalma uku ce, amma abin da ɗalibar ta rubuta kewaye da ita ya haura kalma tamanin. Ba doka ce ta lissafi ba, amma a mafi yawan lokuta ya kamata sharhinku ya fi tsakuren tsawo. In kuka ga shafi ya cika da maganganun mutane, naku kuma layi ɗaya ɗaya ne a tsakani, to kun zama masu jan baƙi babu malami.

Kalmar da ke shigo da magana

Hausa tana da hanyoyi da yawa na shigo da maganar wani, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. "Ta ce" da "in ji ta" da "a cewarta" ba su ɗauki ɓangare ba, isar da saƙo kawai suke yi. "Ta jaddada" yana nufin ta maimaita ko ta ƙarfafa. "Ta koka" yana nufin abin ya dame ta. "Ta yi iƙirari" yana nuna ba ku tabbatar ba. "Wai" kuwa a yi hattara da ita, domin sau da yawa tana nuna mai rubutu yana shakka. Idan ɗalibar ta rubuta "wai daji ne rumbunsu na biyu", mai karatu zai iya ɗauka ba ta yarda da kakarta ba, alhali da ita take kafa hujja.

Sai batun wakilin suna. Idan kun sa alamar zance, kalmomin mai magana ne tsaf, don haka "rumbunmu" za ta zauna yadda take. Idan kuwa kun juya maganar da bakinku bayan "cewa", sai ku cire alamar, ku mayar da "mu" ta zama "su": ta ce daji shi ne rumbunsu na biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne gauraya biyun, a sa alamar zance amma a canza wakilin suna, ko a cire alamar a bar "mu", har mai karatu ya zaci ɗalibi ne yake maganar kansa. Haka kuma, in dattijo ya ce "hwaɗa" irin ta Katsinanci, a cikin alamar zance a bar masa kayansa. Naku rubutun ne za ku yi da daidaitacciyar Hausa.

Guntun magana yana iya narkewa cikin jimlarku ba tare da wata alama ba sai ta zance, kamar yadda muka gani a sama. Cikakkiyar jimla kuma takan zo bayan waƙafi ko ruwa biyu. Idan kun tsallake wasu kalmomi a tsakiya, ku sa ɗigo uku a gurbinsu.

Inda yankewa take zama ƙarya

Taƙaitawa tana da iyaka. A ce kakar ta faɗi cewa shanu sukan shiga gonaki wani lokaci, amma dattawan ɓangarorin biyu sukan zauna su sasanta. Idan ɗalibar ta ɗauko rabin farko kaɗai ta jefa shi babu bayani, kalmomin na kakar ne, amma ma'anar ba tata ba ce. Ta yi maganar zaman lafiya, an mayar da ita ƙorafi. A yanki irin namu, inda rashin tsaro ya taɓa kusan kowane gida, irin wannan yankewa tana iya jawo wa mai magana abin da bai nema ba. Saboda haka kafin ku yanke, ku duba ko akwai "amma" ko "sai dai" a gaba. Kuma ku nemi izinin dattijo kafin ku rubuta sunansa. In bai so ba, "wani dattijo a ƙauyenmu" ya wadatar.

A darasin Adabi

Wannan ƙa'ida tana aiki a littattafai, tare da ƙarin tambaya ɗaya: bakin wa maganar ta fito? A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku ne yake ba da labarai da yawa, kuma a cikin labaran akwai wasu mutane masu magana. A Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai ta 1933, akwai Alhaji Imam mai ba da labari, akwai kuma Malam Zurƙe abokin hamayyarsa. Idan kuka ɗauko maganar Malam Zurƙe kuka rubuta "Abubakar Imam ya ce", kun jingina wa marubuci ra'ayin da ya sa a bakin wani don a yi dariya ko a ɗauki darasi. Daidai shi ne ku faɗi tauraron da ya yi maganar, da wanda yake faɗa wa, da halin da ake ciki, sannan ku bayyana abin da marubucin yake son nunawa da ita.

Karin magana ma haka take. Ɗalibai da yawa sukan rufe insha'i da "Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza", su sa aya. To, a cikin batun da kuke rubutu a kai, mene ne ruwan, kuma me ya tsamar da shi? Jimla ɗaya da ta amsa wannan ta fi karin magana uku da aka jera babu bayani.

Aikin wannan mako

Ku ɗauko tsohuwar jingarku guda ɗaya. Ku ja layi ƙarƙashin duk maganar da ke cikin alamar zance. A kan kowace, ku duba jimlar da ta gabace ta ko ta faɗi mai magana, ku duba wadda ta biyo baya ko ta warware wata kalma daga ciki. Inda babu, ku rubuta. Daga nan ku ba abokin zamanku ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya tsaya ya tambaye ku "wa ya ce haka?" ko "me ake nufi?", nan ne sauran gyara yake.